Kuɗin Rijiya Ba Na Albashi Ba Ne: Yadda Ake Raba Gudummawa a Lissafin Ƙungiyar Agaji

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2004 igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa gaɓar tekun Indiya, ta hallaka mutane sama da 200,000 a Indunusiya da Siri Lanka da wasu ƙasashen yankin. Duniya ta girgiza, kuɗi suka riƙa kwarara zuwa ƙungiyoyin agaji. Ana cikin haka, a farkon Janairun 2005, sai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi abin da ba a saba ji ba. Ta fito ta ce jama'a su dakata da aiko mata kuɗi da sunan tsunami, domin abin da ta samu ya ishi aikin da za ta iya yi a can. Duk da haka kuɗin ba su tsaya nan take ba, har suka haura yuro miliyan 100.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba abin damuwa ba ne, ga yunwa da yaƙi a wasu wuraren, sai a karkatar da rarar can. MSF ba ta ga tana da ikon yin haka da kanta ba. Sai ta bi masu ba da gudummawar tana neman izininsu ta yi aiki da kuɗin a wasu wuraren da ke cikin bala'i. Mafi yawansu sun yarda, 'yan kaɗan da ba su yarda ba aka mayar musu da abinsu. Daga cikin wuraren da kuɗin suka je akwai Jamhuriyar Nijar, inda a shekarar 2005 ƙungiyar ta yi jinyar dubun-dubatar yara masu fama da tamowa, musamman a yankin Maraɗi.

Shekara uku kafin nan, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta bi wata hanyar, ta kuwa sha suka. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 ta buɗe asusu na musamman da ya tara sama da dala miliyan 500. Da aka gane tana shirin ware wani kaso domin tanadin jini da shirin tunkarar hare-haren gaba, jama'a suka ce ba don wannan suka bayar ba. Shugabarta, Bernadine Healy, ta sanar da ajiye muƙaminta a watan Oktoba, a Nuwamba kuma ƙungiyar ta ce kuɗin asusun duka za su tafi ga waɗanda harin ya shafa. Tanadin jini aikin alheri ne, babu mai musu. Amma ba shi aka gaya wa masu bayarwa ba.

Abin da ya haɗa labaran nan biyu shi ne tushen lissafin ƙungiyoyin agaji. Kuɗin da suka shigo hannun ƙungiya iri biyu ne. Akwai wanda mai shi ya ɗaura wa sharaɗi, ya ce a haƙa rijiya, ko a ciyar da marayu a watan azumi. Akwai kuma wanda aka bayar hannu sake, aka bar wa shugabanni su yi duk abin da ya dace da manufar ƙungiyar. Ɗan kasuwa in ya sayar da kaya, kuɗin nasa ne, ya ga dama ya ƙaro kaya, ya ga dama ya gyara shago. Ƙungiyar agaji ba haka take ba. Kuɗi mai sharaɗi amana ce a hannunta, kuma rahoton kuɗinta na shekara dole ya nuna amanar a ware, ba a cakuɗe da sauran ba.

Shekara guda a littafin wata ƙungiya

Bari mu ƙaddara wata ƙungiyar kula da marayu, irin waɗanda ake da su a kusan kowane babban gari. Alƙaluman misali ne kawai, kuma don sauƙi mu ɗauka ba ta bin kowa bashi, ba a bin ta, ba ta kuma da wata kadara sai abin da ke banki.

Ta shiga shekara da naira miliyan 1 da rabi, kuɗi marar sharaɗi. A cikin shekarar ta tara naira miliyan 9 daga kuɗin wata-wata na mambobi da sadakar da jama'a ke bayarwa ba tare da sun ambaci wani aiki ba. Wani attajiri ya ba da naira miliyan 6, ya rubuta cewa a haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a gidan marayun. Da azumi ya matso, ƙungiyar ta yi shela a rediyo tana neman taimakon ciyar da marayu, aka tara naira miliyan 4. Jimillar abin da ya shigo ke nan naira miliyan 19.

A ɓangaren kashewa, albashin ma'aikata da kuɗin haya da wuta da man mota da abincin yau da kullum sun ci naira miliyan 11. An auna ƙasa an haƙa rijiyar a kan naira miliyan 2 da rabi, amma ba a sayi famfo da tanki da farantan sola ba tukuna. Ciyarwar azumi ta ci naira miliyan 3 da rabi. Jimilla naira miliyan 17.

Ranar taron shekara, ma'aji ya miƙe ya karanta cewa an samu miliyan 19, an kashe miliyan 17, an yi rarar miliyan 2, kuma akwai miliyan 3 da rabi a banki. Ya nuna takardar banki, kowa ya ga alƙalamin ya yi daidai. Aka yi kabbara, aka sa masa albarka. Babu ƙarya ko ɗaya a abin da ya faɗa, amma ƙungiyar nan tana cikin matsala, kuma babu wanda zai gane daga wannan karatun.

Yanzu a ja layi a tsakiyar takarda, a yi gurbi biyu. A gurbin kuɗi marar sharaɗi, an fara da miliyan 1 da rabi, an samu miliyan 9, sun zama miliyan 10 da rabi. An kashe miliyan 11. Ke nan akwai giɓin naira 500,000. A gurbin kuɗi mai sharaɗi, rijiya ta samu miliyan 6, an kashe miliyan 2 da rabi, saura miliyan 3 da rabi. Ciyarwar azumi ta samu miliyan 4, an kashe miliyan 3 da rabi, saura naira 500,000. Amanar da ke wuyan ƙungiyar ta kama naira miliyan 4 cif.

To ga inda gizo ke saƙar. Amana miliyan 4 ce, abin da ke banki miliyan 3 da rabi. Naira 500,000 ɗin da babu, an biya albashi da haya da su ne daga kuɗin rijiya ko na marayun azumi. Ba wanda ya sa ko kwabo a aljihunsa. Wataƙila ma'ajin ma bai sani ba, domin duk kuɗin a asusun banki ɗaya suke, in ƙarshen wata ya zo sai ya duba ya ga akwai, ya biya. Rarar miliyan 2 da aka yi wa kabbara kuwa, in an warware ta, ragowar miliyan 4 ce ta kuɗin mutane da ba a gama aikinsu ba, haɗe da faɗuwar miliyan 2 a harkar ƙungiyar ta yau da kullum. Wato a shekara guda ta cinye tanadinta kaf, ta kuma taɓa na amana. In ta ci gaba a haka, baɗi mai sayar da famfo zai kawo takardar kuɗinsa a tarar ba su cika ba.

Wannan shi ne gwaji mafi sauƙi da kowane mamba zai iya yi ba sai ya yi karatun akanta ba. A tara ragowar duk kuɗaɗe masu sharaɗi, a gwada da abin da ke banki da akwati. In na banki ya gaza, an ci amana ko da bisa kuskure ne. In ya fi, abin da ya hau kai shi ne ainihin abin da ƙungiyar ta mallaka za ta iya juyawa, bayan an cire basukan da ake bin ta. Wannan ɗan abin da ya hau kai, shi ke nuna ko ƙungiya za ta rayu wata shida in masu bayarwa suka ɗaga ƙafa. Ƙungiya na iya samun miliyan 100 a banki ta kasa biyan kuɗin wuta ta halastacciyar hanya.

Wa ke ɗaura sharaɗi?

A nan mutane ke yawan ruɗewa. Sharaɗi daga wajen mai bayarwa yake fitowa, ko daga lafazin da ƙungiya ta yi amfani da shi wajen roƙo. Attajirin rijiya ya rubuta nasa a takarda, ba gardama. Masu ba da kuɗin azumi kuwa ba su rubuta komai ba, wani naira 500 ya turo ta waya, wani 2,000. Amma shelar rediyon ta ce a taimaka a ciyar da marayu a watan azumi, kuma kan wannan maganar suka bayar. Ƙungiyar da bakinta ta ɗaure kanta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saɓanin haka, in kwamitin amintattu ya zauna ya ce a ware miliyan 2 daga kuɗin sadaka domin gyaran rufi baɗi, wannan bai zama kuɗi mai sharaɗi ba. Niyya ce ta shugabanni, waɗanda suka ƙulla ta za su iya warware ta a zama na gaba. Ana iya nuna ta a rahoto a matsayin abin da aka keɓe, amma a ƙarƙashin gurbin marar sharaɗi take zama. Ƙungiyar da ta tura irin wannan kuɗi gurbin mai sharaɗi tana nuna kanta a matsayin wadda ta fi talaucin da take ciki, wani lokaci domin ta ji daɗin roƙo. Wannan ma rufa-rufa ce, kamar yadda cakuɗawar take.

Mu a ƙasar Hausa wannan tunani ba baƙo ba ne. Zakka tun daga tushe da sharaɗinta take zuwa. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutane kashi takwas da ake ba wa, don haka ko mai fitarwa bai ce uffan ba, ƙungiyar da ta karɓa ba za ta zuba ta cikin kuɗin haya da man mota ba. Ma'aikatan tattara zakka suna cikin kason, amma nawa za a ba su da yadda za a ba su magana ce ta malamai, ba ma'aji ne zai yanke shi kaɗai ba. Wakafi kuma, wanda ake ce wa hubusi, ya fi haka tsauri. In mutum ya tsayar da shaguna huɗu domin marayu, shagunan ba a sayar da su a ci kuɗin, hayarsu ake amfana da ita. Ƙungiyar da ke riƙe da wakafi tana buƙatar gurbi na uku a rahotonta, inda uwar dukiyar za ta zauna daban da abin da take haifarwa.

Ƙa'idojin akantoci na ƙasashe ma a nan suka tsaya. A Birtaniya, ƙa'idar da ake kira SORP ta wajabta wa ƙungiyoyin da ke bin ta su nuna shiga da fitar kuɗi a gurbi daban-daban na marar sharaɗi da mai sharaɗi da na dukiyar da aka tsayar. Amurka a shekarar 2016 ta rage nata kashin daga uku zuwa biyu, mai sharaɗin mai bayarwa da marar shi. Ƙasashen OHADA, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru, sun amince da tsarin lissafi na musamman domin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba a birnin Yamai a Disambar 2022, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. A Najeriya, ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu da hukumar CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 suna da nauyin miƙa bayanansu na shekara.

Albashin wanda ya tsaya a kan aikin

Mu koma ga ƙungiyarmu, domin akwai abin da za a faɗa a madadinta. Rijiya ba ta haƙa kanta. Akwai ma'aikacin da ya yi ta zirga-zirga wurin masu auna ƙasa da masu injin haƙa, ya tsaya a kansu a rana. A ce albashinsa naira 150,000 ne a wata, kuma kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa ya tafi a kan rijiyar har wata huɗu. Naira 50,000 sau huɗu, naira 200,000 ke nan na albashinsa da a gaskiya kuɗin aikin rijiya ne. In yarjejeniyar da aka yi da attajirin ta yarda da haka, ana ɗora su a kan asusun rijiya. Sai giɓin marar sharaɗi ya sauko daga 500,000 zuwa 300,000, amanar da ta rage kuma ta koma miliyan 3 da dubu 800.

Amma wannan ƙofa ce da ake yawan shigo da ɓarna ta cikinta. Bambancin rabon gaskiya da na ƙarya shi ne lokacin da aka tsara shi da hujjar da ke bayansa. Na gaskiya tun kafin a fara aiki ake faɗa wa mai bayarwa, ana kuma rubuta kwanakin da ma'aikaci ya yi a kan aikin wata-wata. Na ƙarya a makon ƙarshe na shekara yake bayyana, kuma abin mamaki sai ka ga adadinsa ya yi daidai da giɓin da ake son rufewa. Mai binciken kuɗi da ya san aikinsa nan yake fara leƙawa, ya tambayi duk wani kuɗi da aka ɗauke daga gurbin mai sharaɗi zuwa marar sharaɗi, wa ya ba da izini, ina takardar.

Ra'ayina a nan shi ne masu bayarwa ma suna da nasu laifin. Kowa yana son kuɗinsa ya tafi ga abin da ido zai gani, rijiya ko masallaci ko buhunan shinkafa. Ba kasafai ake samun mai cewa ga nawa a biya mai gadi ko a sayi littafin rasit ba. Ƙungiyar da kusan duk kuɗinta masu sharaɗi ne, an tura ta bakin ramin da ƙungiyar misalinmu ta faɗa. Wanda ya amince da mutane har ya damƙa musu miliyan 6, ya kamata ya yarda a rubuce cewa wani kaso sananne zai tafi ga hidimar gudanar da aikin. Hakan bai wanke shugabannin da suka taɓa amana ba, amma yana rage abin da ke kai su ga taɓawar.

Ragowa da gyara

Saura naira 500,000 na ciyarwar azumi. Azumi ya wuce, an yi salla, kuɗin suna nan. Ba su zama na ƙungiya ba don lokaci ya wuce. Hanya mafi tsabta ita ce a riƙe su a gurbinsu zuwa azumin baɗi, a rubuta haka a rahoto. In ana son a yi wani aiki da su, sai a nemi izinin masu su, abin da ke da wuya ƙwarai in mutum ɗari bakwai ne suka turo ta waya. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka goge suke ƙara magana ɗaya a shelarsu tun farko, cewa in kuɗi sun yi rara za a yi amfani da su wajen sauran hidimar marayu. Wannan jimla guda tana raba ƙungiya da wahalar da MSF ta sha ta bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Haka in an nemi kuɗin gini ba su kai ba, ya kamata shelar ta riga ta faɗi abin da za a yi da ɗan abin da aka tara.

Giɓin da aka riga aka yi kuwa, ba a gyara shi da alƙalami. Amintattu za su zauna su rubuta a takardar zamansu cewa an taɓa kuɗi mai sharaɗi, nawa ne, kuma daga kuɗi marar sharaɗi na farko da zai shigo za a mayar. A je a gaya wa attajirin kafin ya ji a bakin mai famfo. Sannan a dubi ainihin ciwon, wato hidimar miliyan 11 a kan samun miliyan 9, ko a rage kashewa ko a nemo sadaka marar sharaɗi.

Wasu suna ganin buɗe asusun banki daban ga kowane aiki ya wadatar. Yana taimakawa, musamman ga babban kuɗi irin na rijiya ko zakka, domin yana hana hannu kaiwa cikin kuskure, wasu masu bayarwa ma sukan shardanta shi. Amma asusun banki ba shi ne lissafi ba. Ana iya cire kuɗi daga asusun rijiya a biya haya, ana kuma iya riƙe ayyuka goma a asusu ɗaya ba tare da an cakuɗa ba in littafi yana da kyau. Aikin a kan rasit yake farawa. Duk kuɗin da ya shigo, a rubuta a jikin rasit ɗin ko na wane aiki ne. Duk takardar biya, a rubuta daga wane gurbi za a cire kafin a sa hannu. Ƙaramar ƙungiya da littafi mai layi-layi da biro za ta iya wannan, in dai ƙarshen kowane wata ma'aji zai fitar da ragowar kowane gurbi ya gwada jimillarsu da takardar banki.

Mai karatu, in kai mamba ne a ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci ko coci ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ranar da ma'aji ya karanta abin da ke banki, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka tambaye shi nawa ne a ciki aka bayar domin wani aiki da ba a gama ba, nawa ne kuma ya rage bayan an cire su. In ba shi da amsa a ranar, ku ba shi wata guda ya kawo ta a rubuce, gurbi-gurbi.